Allurar Cindo a firjin kifi

Cindo masunci ne a Warra da ke bakin tafki, mutumin da a da shi kaɗai yake jan taru cike da ƙananan kifin warangi. A shekarar da ƙodarsa ta gaza, ko buta ya ɗauka sai ya zauna yana haki. Tafin hannunsa ya yi fari fat, cikin idonsa ma haka. Matarsa Tabawa ta yi ta ɗura masa hanta da zogale, aka yi masa ƙarin jini, ya ɗan farfaɗo, bayan 'yan makonni ya koma gidan jiya.

A babban asibitin birni likita ya zaunar da su. Ya ce jini a ɓargo ake yin sa, amma ɓargo ba ya aiki sai an aiko masa da saƙo, mai aiken kuwa ƙoda ce. Wani sinadari take saki cikin jini, sunansa eritrofoyetin. Ƙodar Cindo ta daina sakinsa, ɓargo ya naɗe hannu, tsohon jini yana ƙarewa babu sabo.

"To hantar da nike ba shi hwa?" in ji Tabawa.

"Kin tara wa maƙeri ƙarfe, Inna, ba wanda ya ce masa ya hura wuta."

Ya ce akwai allura mai ɗauke da wannan saƙon. A ƙarƙashin fata ake yi, sau biyu a mako, tare da ƙwayoyin sinadarin ƙarfe. Ba za ta gyara ƙoda ba, amma jini zai hau a hankali, ƙarfi ya dawo. Abu ɗaya ya ja musu kunne a kai: kada ta ji zafi, a ajiye ta da sanyi.

Injin jirgin Cindo aka sayar, aka sayo kwalabe 'yan mitsi-mitsi. To ina sanyi a gidan da ba wuta? Sai Tabawa ta nufi wurin Hansatu, dillaliyar kifi mai firji da janareta.

"A sama zan aza miki?" Hansatu ta tambaya.

"Sama? Inda yaranki ke buɗewa suna rufewa? Sa min can ƙasa, ƙarƙashin giwan ruwa."

Duk wanda ya tashi a bakin tafkin nan ya san kifin da ya sandare kamar itace shi ne ba ya ruɓa. Ranar allura Tabawa takan ciro kwalba ɗaya a daskare, ta dunƙule ta a hannu har ta narke ta yi garau, sannan ta kai wa malamin asibitin garin. Shi kuma ruwa mai kyau yake gani, ya yi allurarsa.

Kowace safiya sai ta ja Cindo hasken rana ta buɗe tafinsa.

"Ya hwara ja, Malam."

"Lallen hannunki ne ya shafe ni," ya ce, ya yi dariya, dariyar ta ƙare da haki.

Da wata biyu ya cika suka shiga jirgin haya zuwa Yauri aka auna jini. Bai hau ba, ƙasa ma ya yi. Cindo ya kishingiɗa a bencin waje, Sista Rebecca mai jinya ta tsare Tabawa da tambaya. Yana shan ƙwayoyin? Yana sha. Zazzaɓi? Babu. Jini na zuba ta wani wuri? A'a.

"Ina kuke ajiye allurar?"

Nan Tabawa ta gyara zama, don a wannan kam ba ta da abin kunya. "Cikin ƙanƙara, ɗiyata. Kamar dutse take zama. Ko sau guda ba ta ji zafi ba."

Sista Rebecca ta ajiye biro.

"Inna, sanyi take so, ba daskarewa ba. Ƙanƙara lalata ta take yi. Ko ta narke ta yi kyau a ido, ba a amfani da ita."

"Waɗanda sunka rage hwa?"

"Duk tare suke?"

"Tare."

"Sai dai sabbi."

Tabawa ta fito. Ta so ta haɗiye maganar, amma duk shekarun aurensu ba ta taɓa iya ɓoye masa ko fashewar tukunya ba. Ta tsuguna gaban bencin ta faɗa masa duka, har da giwan ruwan.

Cindo ya saurara idonsa a rufe.

"Kifi kika sani, Tabawa," ya ce. "Ni ma da can ƙasan zan sa ta."

"Ka yi min faɗa mana, Malam."

"Da wane numfashi?"

Suka kama hanyar bakin ruwa, yana dafe da kafaɗarta. A tsakiyar gangaren ƙafafunsa suka ƙi, ya zauna a kan yashi. Mai jirgin Warra yana ta kira, saura mutum biyu, saura mutum biyu. Tabawa ta ɗaga masa hannu ya jira. Ya jira kaɗan, wasu mata biyu masu kwandunan albasa suka shiga, ya tayar da inji.