Shafin Rigar Masu Burodi

Auta ta fi minti goma tana kai da kawowa tsakanin teburin yanka da ƙofar shago, har yanzu Yaya, mai shagon, ba ta ajiye wayar ba. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta, ta sauke tabarau bisa karan hanci, tana kallon hoton kamar an kawo mata takardar sammaci.

Hoton rigar aiki ce fara mai dogon hannu, irin wadda mai gidan burodin bayan tasha ya ce a ɗinka wa ma'aikatansa guda arba'in. Rigar tana tsaye ita kaɗai, a cike kamar da mutum a ciki, amma ba kai ba hannu, ta wuya kuma ana hango cikin bayanta. Auta ce ta haɗa shi a kwamfuta shekaranjiya. Abin da ake yi shi ne a rubuta wa manhaja bayanin riga, ita kuma ta zana. Mai burodi ya gani ya ce madalla, a ɗinka haka.

"Wa zai ɗinka wannan?" in ji Yaya daga ƙarshe.

"Mu mana."

"Mu wa? Nuna mini ɗinkin kafaɗa."

Auta ta leƙa. Babu. Hannun rigar ya fito daga jikinta sumul kamar a haka aka haife shi.

Yaya ta jawo bakin bandirin yadin da ke kan tebur, farin kaki mai kauri, ta ɗaga shi ta saki. Ya faɗo a sandare. Na cikin hoton kuwa sai zuba yake yi yana lanƙwasa ƙanana ƙanana yana ƙyalli, kamar siliki.

"Duk wannan mai sauƙi ne," ta ce. "Dubi wuya."

Auta ta duba. Inda ake hango cikin bayan rigar, akwai shafi, wato yadin ciki, mai santsi ruwan toka, an bi bakinsa da siririyar igiya. Ita ba ta rubuta shafi ba. Ba ta rubuta komai a kan cikin rigar ba ma, abin da ta rubuta shi ne farar riga mai kyau, mai tsabta, ta ƙwararru. Manhajar kuwa ba ta barin gurbi. Inda ka yi shiru sai ta cike maka da abin da ta saba gani a rigunan manya.

"Sai mu gaya masa kuskure ne," in ji Auta.

"Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa nuna wa mutum abu na ba shi wani ba. An nuna masa shafi, shafi zai samu. Ƙarfe biyu zan aika a kawo yadinsa na fara yanka."

Halin Yaya ke nan, in ta kafe ko jaki ya sallama mata. Auta kuma ta san abin da shafi arba'in yake nufi. Kowace riga ta zama biyu, aikin mako biyu ya koma na wata guda, ga hannun Yaya na dama da yake kumbura duk ranar da ta wuni da almakashi, har sai an jiƙa mata tsumma a ruwan zafi. Likita ya ce ta rage, ta ce ya zo ya yi mata yankan. Tsoro ya kama Auta, da kunya, don ita ta jawo. Ita ce ta bar keken ɗinki bara ta koma kwamfuta, tana cewa zamani ya canza, Yaya na ce mata mai ɗinki da baki.

Ta dubi agogon bango. Sha ɗaya saura.

Ta zauna gaban kwamfutar a lungunta na bayan labule, ta goge tsohon bayanin duka. Ta rubuta: ba shafi. Hotuna huɗu suka fito, uku da shafinsu, ɗaya ma har da fure-fure. Ta yi tsaki. Ta tuna ashe in ka ambaci abu, ko da cewa ka yi kar a sa, sau da yawa sai ya fito. Dole ta faɗi abin da yake akwai.

Ta tashi ta yanko ƙyallen kakin, ta kai bakin taga inda haske ke zuwa ta gefe, ta ɗauki hotonsa kusa kusa har layukan saƙar suka fito a karkace. Ta loda shi a matsayin misali. Sannan ta murza ƙyallen tsakanin yatsunta tana rubutawa: auduga mai kauri, saƙa mai layuka a karkace, ba ta ƙyalli, tana da ɗan kaushi. Haske daga gefen hagu don saƙar ta fito.

Yanzu yadin ya yi kama da yadi, amma har yanzu yana zuba kamar labule.

"Yaya, kaki a ina yake karyewa in an sa shi?"

"Tambayi injin naki."

Kekuna biyu na ta ruri, mata biyun da ke taya su aiki sun sunkuyar da kai suna dariya ƙasa ƙasa. Can sai Yaya ta yi magana, ba tare da ta ɗago daga allin da take ja ba.

"Gwiwar hannu da hammata. Ninki biyu ko uku, manya. Gaba a miƙe yake kamar allo."

Auta ta rubuta da sauri. Sauran ba ta tambaya ba, don da ta rufe ido sai ta ga ta san su. Shekara goma sha biyu tana zaune gefen wannan matar tana cire zare. Ɗinki layi biyu a kafaɗa da gefe, a jere, tazararsu kamar kaurin fensir, da farin zare. Kalmasa mai faɗin yatsa biyu. Cikin bayan riga yadi ɗaya ne da wajenta, an rufe ɗinkin wuya da siririn tef na auduga. A bakin aljihu, kowane gefe, ɗan ɗinki mai kusurwa uku, wanda Yaya ke yi don kar aljihu ya ɓarke, kuma ba ta taɓa yarda wani ya yi shi murabba'i ba.

Aka yi ta fama. Wannan hoton ya fito da maɓalli bakwai da rami biyar. Wancan ɗinkin gefensa ya taho tiryan-tiryan sai ya narke a tsakiya. Wani aljihunsa ya hau kan maɓalli. Ta zaɓi mafi dama, ta shafa alama a kan wurin maɓallan kaɗai ta ce a sake nan, a bar saura. Sau huɗu tana yi kafin su zama shida da shida. Shayin da aka ajiye mata tun safe ya yi sanyi.

Ɗaya da kwata ta tura hoton a wayarta, ta cusa ƙyallen a jaka ta fita zuwa gidan burodin, ko kwamfutar ba ta kashe ba.

Motar haya ta tsaya a kowace kwana kamar da gayya. A mahaɗar hanya wata babbar mota ta mutu, Auta ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. Ta iske mai burodi a ƙofar ofishinsa, mutum mai tumbi da fara'a, kuma abin da ta fara gani a bayansa shi ne tsohon hotonta, an buga shi babba an manna a bango.

Ya dubi sabon, ya dubi na bango, fara'ar ta ragu.

"'Yata, wannan ai rigar leburori ce. Waccan nake so."

"Baba, waccan ba ta ɗinkuwa da yadin da ka zaɓa. Laifina ne, ban yi bayanin daidai ba." Ta miƙa masa ƙyallen. "Lanƙwasa shi ya yi kamar na bango."

Ya gwada, ya murɗa, ya saki. Ƙyallen ya miƙe abinsa.

"To a bar lanƙwasa. Shafin fa? Shi ya burge ni. Mutum ya ga ma'aikatana ya san ba wasa muke ba."

"Mu shiga ciki ka ga wani abu."

Ba ta san me za ta nuna masa ba, ta dai san ƙarfe biyu saura minti ashirin. Suka shiga inda ake gashi. Zafi ya mare ta a fuska. Maza shida na jan faranti daga tanda, singiletinsu ta manne a baya, wani dattijo a cikinsu yana share wuya da tsumma. Mai burodi ya kira shi, ya nuna masa wayar, ya ce ga rigar da aka ce a musanya da ta bango.

Dattijon ya buɗe hoton da yatsu biyu masu gari, ya daɗe a kan hammata.

"Waccan ta bango mun ɗauka ta zuwa ofis ce, ranka ya daɗe. Mu dai mun yi shiru ne. In aka sa mana riga biyu a nan, sai dai a riƙa kwashe mu tare da burodin."

Sauran suka yi dariya. Mai burodi bai yi ba. Ya share gumin da ya fara tsatso masa, ya ce to, a ɗinka sabuwar, amma shi har ga Allah waccan ta fi kyau.

Tun daga ƙofa Auta ta fara kiran Yaya. Waya na ta ƙara ba a ɗauka. Ta sake, ta sake. Yaya in tana yanka ba ta ɗaukar waya ko ta wane ne. Biyu ta yi tana cikin mota, biyu da kwata tana gudu a layinsu, takalmi ɗaya na cizon ta, tana lissafa shafi nawa aka riga aka yanka.

Tun daga waje ta ji ƙarar almakashi.

Ta faɗa shagon tana haki. A kan tebur babu yadi ruwan toka. Kakin ne, an yanka gaba da baya na riga biyar an jera. An ɗauko kwamfutarta daga bayan labule an ɗora kan kujera kusa da teburin, hoton yana buɗe, an faɗaɗa shi daidai bakin aljihu.

"Kin yanka tun ba ki ji abin da ya ce ba?"

Yaya ta ƙarasa layin da take kai kafin ta ajiye almakashin. Ta murza wuyan hannunta.

"Wa ya gaya wa injin nan kusurwa uku nake yi?"

"Ba wanda ya gaya masa sai ni."

"Ni ban taɓa koya miki ba."

"Ina kallo ai."

Yaya ta sake duban hoton, ta daɗe. Auta ta ma manta da albishir ɗin da ta yi gudu dominsa.

"Kalmasar hannun hagu ta fi ta dama faɗi," in ji Yaya. "Ki gyara, don da wannan zan yi aiki."

Ta ɗauki almakashinta.