Kadan Nini Masitah

Tun da Rusdiana ta fara koyon aiki a wani gidan jarida na birnin Banjarmasin, babu abin da ta rubuta da ya wuce jadawalin ɗauke wuta. Amma a gida kakarta, Nini Masitah, ta riga ta cika unguwa da cewa jikarta 'yar jarida ce, har maƙwabta sun fara tambayar ranar da za su ga sunanta.

Ranar ta zo wata Laraba da hantsi. Editan labaran gari, Pak Sarkawi, mutum ne da ba ya ɗaga murya, sai dai ya sauke tabarau ya dube ka har ka tuna laifinka da kanka. Ya tura mata wayarsa. Hoton wani ƙaton kada ne kwance a bakin ruwa, ana ta yaɗa shi cewa a unguwar su Rusdiana aka gan shi. Ya ce tunda unguwarsu ce ta je. Yana son wanda ya gani da idonsa, da bakin hukuma, da cikakken sunan duk wanda ya yi magana. Ƙarfe shida ake rufe shafi a tura wurin bugawa.

"In labarin ya tsaya da ƙafarsa, sunanki zai hau kansa," in ji shi. "In kuma kika kawo min 'an ce', to, ki kawo Malam An Ce ɗin mu gaisa."

Daɗi ya kusa kashe ta. A kan babur ma sai gwada sunan take a ranta, ta ga yadda zai zauna a ƙarƙashin kanun labari.

Hoton ne ya fara ba ta kunya. Da ta bincika asalinsa a intanet, sai ga shi a wani tsohon labari na shekarun baya, daga wani tsibiri mai nisa. Ta adana shaidar, ta ce ba komai, hoto na iya zama na ƙarya, kadan kuma na gaske.

A unguwar kuwa kowa ya ga kada. Mai suyar ayaba ta ce ya kai tsawon kwalekwale, wani tela ya ce jelarsa ta doki turakun gidansa. Amma da zarar Rusdiana ta kunna rikoda ta ce, "Da idonka?" sai kallo ya koma gefe. Tela daga matarsa ya ji, matar daga mai suyar ayaba, ita kuma ta ce a tambayi Amang Jumberi mai fito, wanda yini yake a kan ruwa.

Amang Jumberi ya yi mata bayani mai daɗin gaske, har da launin idon kadan. Ta rubuta shafi guda kafin ta tuna ta yi tambayar.

"Amang, a ina kake tsaye lokacin?"

"Ni? Ina kasuwa. Amma wadda ta faɗa min ba ta ƙarya. Ai kakarki ce."

Kafin ta nufi gida ta kira hukumar kula da namun daji. Wani jami'i ya ce sun zagaya wurin da safe, ba su ga sawu ko wata alama ba. Ta yi maza ta ce, wato babu kada ke nan? Ya ce a'a, shi bai ce haka ba, cewa ya yi ba su ga alama ba, kuma ruwa ya ƙaru, a hana yara wanka. Ta goge abin da ta rubuta, ta sa maganarsa yadda ya faɗe ta, ta sa ya maimaita mata sunansa da muƙaminsa.

Ta tarar da Nini Masitah a barandar katako tana gyaran kifi. Tsohuwar ba ta ko ɓoye ba. Ta ce tun da ruwa ya ƙaru take hana yaran unguwa tsalle daga kan gada zuwa cikin ruwa, ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta kai ƙara wurin iyayensu, duk a banza. Shekaranjiya sai ta ce musu ta ga kada. Tun daga lokacin ko ƙafa babu wanda ya tsoma. Hoto kuwa ba ta san wanda ya liƙa shi ba.

"Nini, kin san abin da kika ja min kuwa?"

"Na ja miki labari. Da kina can kina rubuta ɗauke wuta."

Rusdiana ta ce in aka buga gaskiya yaran za su koma ruwa. Nini ta ce ta kwantar da hankalinta, yaran da ba sa buɗe littafin makaranta ba jarida za su buɗe ba, iyayen ne take so su ji kunya. Sharaɗinta ɗaya, kada a ce "wata tsohuwa". A rubuta Hajiya Masitah, don ba a banza ta je Makka ba.

A hanyar komawa ofis ne murnar ta gudu. Tun ranar farko aka gaya musu cewa ɗan jarida ba ya ɗauko labarin danginsa ya sa hannu. Amma a nan ba a gadon sunan iyali, babu abin da zai haɗa Rusdiana da Masitah a takarda. In ta yi shiru, Pak Sarkawi ba zai sani ba. Ta zauna ta rubuta labarin tsaf: jita-jitar, tsohon hoton, maganar jami'in, sannan matar da ta ƙirƙiri kadan da dalilinta. Ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya fi yi mata ciwo. Ta daɗe yatsanta na kan maɓallin turawa, agogo na ta cin lokacinta, sannan ta tashi ta je teburinsa.

"Pak, matar nan kakata ce."

Ya sauke tabarau, ya dube ta, ya karanta labarin har ƙarshe. Ya ce aikin ya yi, amma sai wata 'yar jarida ta sake jin maganar daga bakin tsohuwar, kuma sunan waccan ne zai hau. Ya kira Helda, wadda ta daɗe a sashen labaran gari, ya ce ta buga waya yanzu. Rusdiana na zaune tana jin muryar Nini ta cika wayar, tana ƙara wa labarin gishiri, Helda na rage shi. An tura shafin ana saura kaɗan a rufe.

"Gobe akwai zaman majalisar gari," in ji Pak Sarkawi yana tattara takardu. "Kina da kawu a ciki?"

Ta ce babu. Ya ce to nata ne.

Washegari da sassafe Nini ta aika aka sayo mata jarida. Ga shi nan a sakin layi na farko, Hajiya Masitah, mai shekara saba'in da ɗaya. Ta sa aka karanta mata sau biyu, ta leƙa ta taga ta kira mai suyar ayaba ta zo ta ji. Sai can ta lura da jikarta a bakin ƙofa tana ɗaura takalmi, ido ya yi ja. Ta bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa, ta tambaya ina nata sunan. Rusdiana ta gaya mata dalili.

Tsohuwar ta ninke jaridar ta tura ƙarƙashin tabarma, ta ce wa mai suyar ayaba ta dawo an jima. Sannan ta zo ta gyara wa Rusdiana ɗankwali, duk da babu abin da ya same shi.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan," in ji ta. "Ni ma sai da na haura saba'in suka sa nawa."