Farin tabo a kuncin direba

Mako uku ke nan harshen direban tifa bai huta ba. Yana tuƙi, yana jiran a loda yashi, yana cin abinci, harshen sai ya koma cikin kuncinsa na hagu, wurin da ya yi kaushi. A nan yake ajiye garin taba, shekara ashirin. Daga baya abokinsa Dogo ya koya masa tauna goron Indiya, wai yana korar gyangyaɗi.

Ran nan ya kasa gama lodi na biyu. Ya juya mota zuwa asibitin haƙori inda ƙanwarsa ke aikin jinya, ya kira ta waje, ya faɗa mata kaushin da yake ji a kunci.

"Ba ya ciwo fa," ya ce. "Maganin kurkurar baki kawai za ki ba ni."

"Yaya, rashin ciwon ba shaida ba ce. Irinsa sau da yawa shiru yake farawa. Wanke hannu."

Ta tsayar da shi gaban madubin motar, fuskarsa na kallon haske. Ya ja leɓen sama da na ƙasa, ya duba dasashi. Ya zaro harshe, ya kalli gefe da gefe da ƙarƙashinsa, ya leƙa ganɗa. Ta sa ya shafa wuyansa da ƙasan haɓa ko akwai ƙullutu. Babu. Da ya ja kuncin, sai ga farin tabo kamar farce, da ɗan ja a gefensa. Ta goga da auduga, bai fita ba.

"Tabo fari ko ja, ƙullutu, wurin da ya mutu ba ka jin sa, ko gyambon da ya wuce mako biyu, likita ake kai wa. Mu je ciki."

"Gobe dai. Mota na kan hanya."

"Yau, Yaya."

Likita ya yanki ɗan nama aka kai gwaji. Kwana goma direban bai zauna wuri ɗaya ba. Hannunsa ya riƙa zuwa aljihun da yanzu babu kwalbar taba, ya yi wa matarsa faɗa a kan gishiri, ya dawo ya ba ta haƙuri.

Sakamako ya fito: cutar daji ce, wato kansa, amma ba ta yaɗu ba. Aka yanke wurin, aka ɗinke, aka ba shi ranakun dawowa. Likita ya ce taba, ta sha ko ta baki, da goron nan, ya rabu da su, kuma ya duba bakinsa duk wata.

Ya koma aiki magana na fita a karkace. Dogo ya tare shi yana tauna, haƙora jajur.

"Ango, an yi maka sabon baki?"

"Tofar da wannan ka zo nan."

Dogo ya yi dariya, ya ce lodi na jiransa. Ya hau motarsa ya tayar, amma bai ja ba. Can ya leƙo ta taga, yana shafa kuncinsa.

"Ƙanwar taka, ƙarfe nawa take tashi daga aiki?"