Sakin Layi na Huɗu

Saura mako uku wa'adin karatun digirinta na uku ya ƙare, kuma ba ta isa ta kare kundinta ba sai Farfesa mai duba aikinta ya sa hannu. Shi kuwa ya kafe a sakin layi na huɗu na babin bitar ayyukan magabata.

"Wane ya ce, wance ta ce," ya karanta wa sauran ɗalibai da ƙarfi, suna dariyar dole. "Malama, kiran suna kike yi a aji? Haɗa su su yi magana da juna."

Ta ji zafi, amma gaskiyarsa. Ta baza takardu talatin da ɗaya a teburin ɗakin gwaji, duk kan katalis, sinadarin da ke taimakawa a cire oksijin daga ɗanyen man da ake samu in an gasa garin katako ba iska. Ta daina jera su bisa sunan marubuci, ta kasa su bisa abin da kowa ya zuba wa katalis ɗinsa. Nan asiri ya tonu. Masu yabon katalis na ƙarfen nikel a kan ziyolait, wani ma'adini mai ƙananan ramuka, kusan dukkansu sinadari ɗaya tsaftatacce suka gwada, na awa ɗaya ko biyu. Waɗanda suka zuba man gaske kuwa bakinsu ɗaya: baƙin gawayi yana toshe ƙananan ramukan ziyolait, aikinsa ya yi ƙasa cikin 'yan awanni. Ta rubuta haka a jimla shida, ta rufe da cewa alkaluman kashin farko ba hujja ba ne a kan man gaske.

Baiwar Allah har murna take. Ta san uku daga takardun kashin farko na Farfesa ne, ta ɗauka zai ji daɗin an karanta shi da kyau.

Ya karanta sau biyu a ofis, ya cire tabarau.

"Ke kika rubuta?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Ya soke jimloli huɗu na ƙarshe da jan biro, ya tura mata. "Cire waɗannan, in sa hannu yau."

Ta cire. Wa zai ga laifinta?

Ranar kare kundi, mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a ya tsaya cak a wannan shafi.

"Kin raba su kashi biyu, sai kika yi shiru. Ba ki lura kashin farko ba su taɓa man gaske ba? Ai a kan wannan giɓin ya kamata aikinki ya tsaya."

Ta dubi Farfesa. Yana juya cokali a kofin shayi.

"Na yi iya ƙoƙarina da ita," ya ce a hankali. "Karatu tana yi, ba laifi. Tunanin ne ba a iya ara wa mutum."

Aka ce ta sake babin, ta dawo bayan wata shida. Wa'adinta ya ƙare ranar Juma'ar makon.