Bakin Madam de Lussac

"Madam Pichon, ku zauna."

Maryse ta tsaya cak, hannunta na kan ƙofar ofis. Shekara uku tana aiki a wannan gidan kula da tsofaffi na bayan garin Angers a ƙasar Faransa, kuma tun ranar farko shugabar gidan, Aurore, ta ce mata a nan ma'aikata *tu* suke ce wa juna, daga ke sai kai. Yau ga shi ta ja mata *vous*, "ku" ɗin baƙo da na gaba, har da sunan dangi.

A kujerar gefe Bérengère ce zaune, 'yar Madam de Lussac, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe. Bérengère ɗin kanta ta haura sittin. Ta rungume jaka a cinya, ba ta ko kalli Maryse ba.

"Madam Bérengère ta ji da kunnenta," in ji Aurore. "Ɗazu da safe kun ce wa mahaifiyarta *tu*. Har kun kira ta da sunanta, Hermine. Haka ne?"

"Haka ne."

"Kun san ƙa'ida. Duk wanda ke zaune a gidan nan *vous* ake ce masa, ko da bai san inda kansa yake ba. Ba yara ba ne. Madam tana so ta kai ƙara sama, kuma kun san kwantiraginku ƙarshen wata zai ƙare. Da ƙara irin wannan a kanku, ba ni da bakin neman a sabunta."

Maryse ta zauna. Su biyu rak ke riƙe da hawan bene guda tun da abokiyar aikinsu ta kwanta ciwon baya. Ba ta da ƙarfin yin fushi.

"Ba ni na fara ba," ta ce. "Tun bazara ta ɗauke ni ƙanwarta Odile. Ran nan na ce ku buɗe baki, sai ta dube ni ta ce, Odile, faɗa muka yi da kike ce mini ku? Ta rufe baki, har washegari ko ruwa. Da na ce mata ke, ta cinye kwano."

"Odile ta rasu tun ina budurwa," Bérengère ta ce, har yanzu bango take kallo. "Ni ce 'yarta, ban taɓa ce mata *tu* ba. A gidanmu ba a yi. Mahaifina ya zauna da ita har mutuwarsa yana ce mata *vous*. A duniya Odile kaɗai take ce wa ke, sai karenta. Yau kuma in shigo in tarar da wata tana..."

Ta matse jakar.

Aurore ta murza goshi. "Daga yanzu *vous*, babu wani zance. An kawo abincin rana, ku je ku ba ta. Madam, in kuna so ku bi ta ku gani."

Tsohuwar na zaune gaban taga, an tsefe mata farin gashi, wuyan rigarta ya yi mata yawa. A kan tire akwai miyar kabewa da ɗan cukwi mai laushi. Da ganin Maryse fuskarta ta washe.

"Odile! Ina kika shiga? Kin bar ni da waɗannan mutanen."

Maryse ta ɗebo miya. "Madam de Lussac, ku ɗan ci abinci."

Murmushin ya ɓace. Tsohuwar ta dube ta kamar an mare ta, ta juya fuska wajen taga, ta danne leɓe. Maryse ta sake gwadawa, ta zagaya ta ɗaya gefen, ta lallaɓa. Miyar ta soma yin fata a sama.

"Ku ba ni," in ji Bérengère. Ta ajiye jaka ta karɓi cokali. "Mama, ni ce. Ku daure ku ci kaɗan."

"Na gode, na ƙoshi," tsohuwar ta ce cikin ladabi, irin wanda ake yi wa mai kawo abinci a otal.

Bérengère ta tsaya da cokali a hannu. Da ta buɗe baki muryarta ta koma ƙarama.

"Mama... ki ci. Don Allah ki ci mini."

Tsohuwar ta juyo a hankali. Ta miƙe baya, ta kalli 'yarta daga gashi har takalmi.

"Baiwar Allah, kiwon aladu muka yi tare da ku? Wa ya ba ku izinin ce mini ke?"

Can ƙarshen baranda wani tsoho yana ta danna ƙararrawa, kuma Maryse ta san babu mai zuwa sai ita. Bérengère ta ajiye cokalin cikin kwano, ta goge yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tura kwanon gaban Maryse.

"Ku ce mata ke," ta ce.

"Shugaba ta hana."

"Ni na ce ku faɗa."

Maryse ta ja kujera ta zauna. "Hermine, bar wannan iyayin. Buɗe baki, ƙafafuna ciwo suke."

"Ke dai kullum cikin ƙorafi," in ji tsohuwar, ta buɗe baki. Ta sha cokali ɗaya, ta sha na biyu, ta ce babu gishiri. Sai ta sunkuyo tana raɗa, raɗar da ake ji har ƙofa. "Wace ce wannan mara kunyar? 'Yata Bérengère ba za ta taɓa yin haka ba. Sau ɗaya ta gwada tana ƙarama, na gyara mata baki. Yarinya mai tarbiyya."

Bérengère ta ɗauki jakarta ta fita.

Da kwano ya ƙare Maryse ta same ta a baranda tare da Aurore, tana saka safar hannu.

"Babu ƙara," in ji Bérengère. "Ta ci gaba da ce mata abin da take ce mata. Sai dai ranar da na zo, ku gaya mini lokacin abinci, in tsaya a waje."

Aurore ta saki numfashi. "Ɗakin nan kaɗai, kuma zan sanar da sauran ma'aikata dalili. Maryse, je ki duba mai ƙararrawar can, sannan ki zauna ki ci wani abu. Kin yi fari fat."

Aurore ta koma ce mata ke, aikinta ma ya tsira. Maryse ta juya tana jan ƙafa, ko murna ba ta iya yi ba.

A daidai nan ƙofar lif, na'urar hawa bene, ta buɗe. Wani dogon tsoho ya fito, da sanda a hannu ɗaya, furanni a ɗayan, sanye da kwat da ta ga shekaru. Babu wanda ya san shi. Bai tambayi kowa hanya ba, ya wuce su ukun ya tsaya a ƙofar ɗakin ƙarshe, ya cire hula.

"Minette," ya ce wa tsohuwar, "kin tsufa."

Daga ciki muryar Madam de Lussac ta fito tangaran, kamar ta budurwa.

"Kai ne? Shigo maza ka rufe ƙofa, kafin mijina ya dawo."

Safar hannun Bérengère ta faɗi ƙasa.