Sunan da Ke Jiran Inna

Matan Kebbe ne suka fara ƙorafi. Duk bidiyon da Mardiya ta tura musu a kan ajiyar hatsi, sai su ce ya maƙale tun daga farko, su rufe don tattalin data. Shirin nata, Rumbun Gida, ya kama hanyar mutuwa, ita kuwa ta san inda gizo ke saƙa: gabatarwar nan mai motsi da ƙanenta Mu'awiya ya haɗa kafin zazzaɓi ya ɗauke shi bara.

Ta daɗe tana ja da baya kafin ta kai wa Jamaluddeen, mai shagon tace bidiyo a Tambuwal, mutumin da bai iya shafa wa magana mai ba. Ya kalla da sauti, ya kashe sautin ya sake, sannan ya bi ta hoto bayan hoto. Ya yaba shigowar zangarniyar gero, yadda take zuwa da sauri sannan ta rage gudu ta zauna a hankali, ya ce mai wannan yana da hannu. Taurarin da ke juyi a gefe kuwa ya ce ƙyale-ƙyalen banza ne, suna janye ido daga sunan shirin. Babban aibin shi ne sunan kansa: ya tsaya cak, ba motsi, har mutum ya karanta shi ya sake ya gaji. Dole mai kallo ya ɗauka waya ce ta daskare.

Mardiya ta san dalilin tsayuwar nan. Tana nan ranar da Mu'awiya ya zauna a tabarma kusa da Inna, mahaifiyarsu, wadda ta fara koyon boko da furfura, yana ƙara wa sunan lokaci har sai da ta iya haɗa baƙaƙensa. Da bakin Inna ya auna. Ta gaya wa Jamaluddeen haka.

Ya sauke murya. “Allah shi jiƙanai. Amma Malama, matan Kebbe ba su san wanga ba.”

Gaskiya ɗaci gare ta. Ta ce a yanke tsayuwar sunan.

Makon nan saƙonni suka dawo, har wata na tambayar maganin ƙwarin wake. Mardiya ta ji daɗi, ta kuma ji kunyar jin daɗin.

Da la'asar Inna ta karɓi wayar kamar yadda ta saba, ta matso da ita kusa da ido, ta ɗora yatsa. Zangarniya ta shigo ta zauna. “Rum…” in ji Inna, sai ga fuskar Mardiya tana sallama. Ta mayar baya ta sake gwadawa, nan ma sunan bai tsaya ba.

Ta miƙo wayar ba tare da ta dubi ɗiyarta ba.

“Da can shina jirana,” ta ce.