Takardar Maina a Bangon Zaure

Ranar da ɗana Maina ya dawo daga Kano da takardarsa, Ɗela mahaifiyarsa ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Takarda ce babba cikin gilashi, gefenta ruwan zinari, ga jan hatimi kamar bakin ƙwarya. Rubutun na Ingilishi ne, kuma a ƙauyenmu, kusa da Dantchiao, ba mai karanta shi. Ni kaina lakwal ɗin da na yi, makarantar Faransanci, kaɗan ce, iyakar abin da ya ishe ni aikin awon gyaɗa. Maina ya ce wata makaranta ce daga ƙetaren teku take aiko masa littattafai ta gidan waya, shi kuma yana mayar da amsoshi, yanzu ga shi ta shaida ya zama ma'aikacin jinya.

Na yanka rago. Maigari ya zo da kansa, ya ba Maina zauren da ke kusa da masallaci, ya ce daga yau mun huta da jigilar marasa lafiya zuwa Magariya. Muka kafa takardar a bango. Mata suka fara kiran Ɗela uwar likita.

Ni ne na ce bari in je Magariya wurin Bappa, babban ma'aikacin jinya na asibitin gari, ko zai sa sunan yaron cikin masu aikin gwamnati. Na naɗe takardar cikin zanen Ɗela, na hau motar gyaɗa.

Bappa ya daɗe yana kallonta. Ya yi aiki da 'yan ƙetaren iyaka, yana tsintar Ingilishi.

"Mainassara, wannan ai ta fi ta kumandan mai mulkin gari kyau," in ji shi. "A wane asibiti yaron ya tsaya?"

"A gida ya yi karatun, wurin kawunsa."

"Wa ya tsare shi ranar jarrabawa?"

"Aika amsoshin yake yi."

"To wa ya san ba kawun ne ya rubuta ba? Cikin waɗanda suka yi tare, ka ji an ce wani ya faɗi?"

Na tuna Maina yana alfahari cewa su duka sun ci. Na faɗa masa. Bappa bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sa yatsa a ƙasan takardar.

"Dubi inda makarantar take. Ba gari, ba titi, sai lambar akwatin gidan waya. In ka tashi zuwa gaishe su, ƙofar wa za ka buga?"

Sai ya jawo tasa daga aljihun tebur. 'Yar ƙarama ce, ta yi jaja-jaja, har ta tsage a wurin ninki. Ya nuna mini sunan hukumar lafiya, da ranar jarrabawa, da sa hannun likitocin da suka tsaya a kansa, da wata lamba a sama.

"Wannan lambar tana rubuce a Yamai tare da sunana. Duk mai shakka ya tambayi hukuma, ba ni ba, ba kuma wanda ya karɓi kuɗina ba. Kafin su ba ni, na wanke gyambo, na dafa allurai, na ɗauki gawa, kullum da ido a kaina. Wasu cikinmu sun faɗi, an mai da su gida. Kuma kada ka ce don tasa ta Ingilishi ce. Su ma can Kano gwamnatinsu na da nata jerin sunaye. Kai ta asibitin Kano ka gani ko za su san ta."

"Amma hatimin fa, Bappa?"

"Kai da kake awo! In wani ya buga wa sikelinka hatimi bai ɗora masa dutse ko ɗaya ba, ka yarda da sikelin?"

Na naɗe takardar. Da zan fita ya riƙe hannun rigata, ya rage murya.

"Kada ya taɓa kowa da allura. Ta kinin, maganin zazzaɓi, in aka kuskure wuri a ɗuwawu ta sami jijiya, ƙafar yaro ta shanye ke nan har mutuwarsa. In kuma maganar ta kai bariki wurin kumandan, ba zan iya tare masa ba. In yana son aikin, ya zo ya zauna jarrabawar shiga kamar kowa."

A hanyar komawa ina zaune bisa buhuna, takardar a cinyata, na rasa wanda zan fara faɗa wa. Ɗela ta sayar da awakinta saboda waɗannan littattafai. Maigari ya yi magana gaban jama'a, in na warware ta na kunyata shi. Maina kuwa ba ƙarya ya yi ba, ya zauna ya karanta abin da aka aiko masa da zuciya ɗaya. Da na isa, Ɗela ta tare ni a ƙofa.

"Malam, me ya ce?"

"Ya ce tana da kyau."

Na mai da ita bango da hannuna. Daga ranar ban ƙara nisa da ƙofar Maina ba. Duk wanda ya nufi zauren sai in bi shi da ido. In ƙwayar ciwon kai aka ba shi in yi ajiyar zuciya, in kuma na ji ƙarar akwatin ƙarfen da Maina ya sayo da allurai a kasuwar Kano sai in taso in leƙa ciki. Sau da yawa na kira shi, in ya zo ya durƙusa sai in aike shi ba doki ruwa.

Ranar wata Laraba da hantsi Maigari ya shigo zauren, bayansa 'yarsa Hinda ɗauke da ɗanta, jikinsa zafi kamar garwashi. Mutane suka cika ƙofa. Ina can gefe.

"Likita, ga jikana," in ji Maigari. "A yi masa ta kinin, irin ta Magariya."

Maina ya buɗe akwatin. Na ga ya fasa kwalbar, ya zuƙi ruwan. Hinda ta kifa yaron a cinyarta. Maina ya ɗora yatsa a nan, ya ɗaga, ya mayar can.

Na matsa kusa da kunnensa.

"Wa ka taɓa yi wa?"

"Baba, littafin ya ce a gwada da lemo."

"Mutum fa?"

Na kama wuyan hannunsa, na zare allurar, na sa cikin aljihuna.

"Mainassara, lafiya?" in ji Maigari.

Takardar tana saman kansa, zinarinta na ƙyalli. Ɗela na bakin ƙofa cikin mata. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ranka ya daɗe, ni na hana shi. Motar gyaɗa na bakin rumfar awo, a kai yaron wurin Bappa."

"Saboda me?"

"Ni na haife shi, na kuma hana."

Aka kai yaron, ya dawo da ƙafafunsa yana gudu. Ba wanda ya danganta wannan da ni. Abin da ake faɗi a bakin rijiya shi ne Mainassara na ƙyashin ɗan cikinsa, don yaro ya fi shi takarda. Maigari yana amsa gaisuwata da ka kawai. Ɗela tana ajiye mini akushi ta juya.

Akwatin alluran yana ƙarƙashin gadona. Na faɗa wa Maina duk abin da Bappa ya ce, har maganar jarrabawar shiga. Ya saurara kansa a ƙasa, ya ce, "In na je na fara da wanke gyambo, Baba, me zan ce wa Inna wannan ta bango ce?"

Takardar tana nan inda na kafa ta, Ɗela na goge gilashin kowace safiya da bakin zanenta, ni kuma ba na nisa da ƙofar zauren.